Yadda ake hana na'urar zane canza wa mutum kama daga hoto zuwa hoto

Masu ƙananan sana'o'i da masu shirya labarin zane da yawa sun koma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu fitar da hoto daga rubutu, irin su Midjourney, Stable Diffusion, ChatGPT da Gemini. Hoton farko kan fito da kyau. Matsalar tana farawa daga na biyu: mutumin da aka zana ɗazu da gemu da jar hula, yanzu ya dawo babu gemu, hular ta zama rawani. Ga mai son tambarin da za ya liƙa a butikinsa da ledar kayansa, ko mai labari na shafi shida, wannan asarar kuɗin intanet ce da ta lokaci.

Dalilin haka yana cikin yadda na'urar take aiki. Yawancin waɗannan manhajoji suna fara kowane hoto daga tarin ɗigo-ɗigo marasa siffa, kamar allon tele idan tasha ta ɗauke, sannan su dinga gyara shi har ya dace da kalmomin da aka rubuta. Duk abin da ba ka faɗa ba, na'urar ce za ta zaɓa, kuma kowane karo zaɓinta daban. Sunan da ka raɗa wa mutumin ba ya gaya mata komai game da fuskarsa. Ko manhajojin da ake hira da su, masu iya duba hoton da ya gabata, sake zana mutumin suke yi, shi ya sa kamannin ke gocewa sannu a hankali.

Maganin farko shi ne ka rubuta wa mutumin naka bayani guda ɗaya, tamkar katin ɗan ƙasa, ka adana shi, ka dinga kwafa shi yadda yake a kan kowane hoto. A ce wani mai kilishi a Maradi yana son dattijo mai fara'a ya zama tambarinsa. Za ya rubuta da Faransanci ko Ingilishi, saboda manhajojin sun fi jin waɗannan harsuna bisa ga Hausa:

```
Homme haoussa de 50 ans, peau brun foncé, visage rond,
courte barbe grise, bonnet cylindrique rouge uni,
tunique bleu ciel à manches longues, tablier blanc.
Dessin animé 2D, contours noirs épais, couleurs plates.
Scène : il découpe du kilichi sur une table en bois.
```

Layi uku na farko su ne mutumin: shekarunsa, launin fatarsa, siffar fuska, gajeren gemu mai furfura, jar hula, riga shuɗiya mai haske da farin ƙyallen aiki. Layi na huɗu salon zanen ne. Waɗannan huɗun ba a taɓa su, ko da kalma ɗaya. Layin ƙarshe kaɗai ake canzawa: yau yana yankan kilishi, gobe yana miƙa wa mai saye, jibi yana bisa babur.

Masu farawa sun fi tuntuɓe a nan, domin a makaranta an koya mana kada mu maimaita kalma. A wurin na'ura kuwa, kalma biyu masu ma'ana kusa da juna hoto biyu ne. Idan ka rubuta `tunique` a hoto na ɗaya, ka koma `boubou` a na uku, kada ka yi mamaki in babbar riga mai aiki ta fito. Haka `bonnet` shi kaɗai yana iya kawo hular sanyi ta ulu, shi ya sa aka ƙara masa siffa da launi. Jerin kalmomin ma kada a sauya shi, domin abin da ya zo a farko ya fi samun nauyi. Kuma bayanin kada ya yi tsawo: tsoffin nau'o'in Stable Diffusion gutsattsarin kalma 77 kawai suke karantawa a zubi ɗaya.

Zaɓen alamomin shi ne rabin aikin. Tintin, wanda Hergé ya fara zanawa a 1929, ana gane shi daga nesa da tukkun gashinsa da farin karensa, alhali idanunsa ɗigo biyu ne kawai. Alama babba mai sauƙi ita ce ke zama daram. Jar hula mara ado za ta dawo daidai sau da yawa, amma hula mai ɗinkin zare, ko atamfa mai zane, adonta ya kan canza a kowane hoto. Tsagen fuska ma haka: ka nemi uku a kuncin hagu, su fito biyu a dama, domin na'urar tana da rauni wajen ƙidaya da bambance hagu da dama. Saboda wannan dalili zane mai sauƙi ya fi hoto irin na kyamara riƙe kama, tun da idon mutum nan take yake gane ɗan canji a fuskar gaske.

Akwai tarko biyu da ya kamata a sani. Na farko, faɗin abin da ba ka so. Rubuta `sans lunettes` yana iya jawo tabarau, saboda kalmar ta shiga bayanin. A Midjourney ana amfani da `--no`, a Stable Diffusion akwai gurbi na musamman don abin da ba a so. Na biyu, mutum biyu a hoto ɗaya. Idan ka sa dattijon tare da wata mai saye mai koren mayafi, launuka kan tsallaka, ka ga hularsa ta koma kore. Ka ba kowa jimlarsa daban, in ya ƙi, ka fitar da su ɗaya-ɗaya ka haɗa daga baya.

Kafin ka fara aikin gaske, yi gwaji. Fitar da hoto shida da bayanin nan: ta gaba, ta gefe, yana dariya, yana zaune, daga nesa, da dare. Jera su, ka duba abu biyar a kowane: hula, gemu, launin fata, riga, shekaru. Idan abu guda ya goce a hoto biyu ko fiye, laifin na bayanin ne, sai ka gyara kalmar, ka sake gwajin daga farko. Ka lura da launin fata musamman, domin ya kan yi haske idan an canza hasken wurin.

Wasu suna dogara da lambar da ake kira `seed`, wadda ke tsaida ɗigo-ɗigon farawa. Tana taimakawa idan bayanin bai canza ba, amma da zarar an sauya wurin da abin da mutumin ke yi, fuskar tana iya sauyawa duk da lambar.

Iyakar wannan dabara ke nan: rubutu yana riƙe tufafi, launi da salo, amma bai isa ya riƙe tazarar idanu ko faɗin hanci ba, tun da dubban mutane ne za su dace da bayani ɗaya. Don haka idan gwajin ya ba ka hoton da ya kwanta maka, ka ajiye shi a matsayin uwa, ka dinga haɗa shi da bayanin. Midjourney ta kawo `--cref` don wannan aiki a watan Maris na 2024, kuma a ChatGPT da Gemini ana iya ɗora hoton kai tsaye. Kullum ka koma ga uwar. Idan ka ɗora hoto na biyu don samun na uku, na uku don na huɗu, kurakuran suna taruwa kamar takardar da ake ta kwafa daga kwafi.

Ga labarin zane da za a watsa ta WhatsApp, wannan ya wadatar. Amma tambarin da za ya hau allo, leda da riga na shekaru, gara a kai uwar hoton wurin mai zane ya sake fitar da ita da hannunsa, ya tsaida launukan, ya rubuta sunan sana'ar da kansa, sannan a miƙa wa maɗaba'a.