Ka tura kuɗi zuwa lambar da ba ita ba? Ga abin yi kafin mai lambar ya cire su

A OPay da PalmPay, lambar asusun mutum galibi lambar wayarsa ce da aka cire mata sifirin farko. Wannan ne ya sa tura kuɗi ya yi sauƙi, kuma shi ne ya sa kuskure ya yi sauƙi. Lamba ɗaya ta goce maka, sai ka faɗa kan layin wani, kuma ba mamaki shi ma yana da asusu. Cikin daƙiƙoƙi alat ya shiga wayar mutumin da ba ka taɓa gani ba.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, wannan ba irin matsalar nan ba ce da ake cire maka kuɗi amma ba su isa ba. Waccan matsalar na'ura ce, kuma yawanci kuɗin kan dawo da kansu. A nan kuwa na'ura ta yi aikinta daidai. Kai ka sa lamba, aka nuna maka suna, ka danna PIN. Kuɗin sun zauna a asusun wani, kuma kamfani ba ya da hurumin zura hannu ya kwaso maka su haka kawai. Sai dai mai asusun ya yarda, ko kotu ta ba da umarni. Abin da kamfanin zai iya yi da wuri shi ne ya riƙe kuɗin, ya hana a taɓa su. Saboda haka tseren da ke gabanka ɗaya ne: a riƙe kuɗin kafin mai lambar ya je wurin mai POS.

Mu ɗauki misali. Wata ɗaliba za ta tura wa telarta naira 35,000 daga manhajar bankinta zuwa walat ɗin waya. Lambar telar ta ƙare da 47, ita kuma ta rubuta 74. Suna ya fito, amma tana sauri ba ta duba ba. Bayan minti goma tela ta ce ba ta ga komai ba.

Kafin ta kira kowa, sai ta buɗe tarihin cinikinta ta ajiye risit ɗin. Abubuwa biyar take buƙata a jikinsa: adadin kuɗin, rana da lokaci, lambar da ta tura wa, sunan da ya fito, sai kuma Session ID. Wannan na ƙarshen lamba ce mai tsawo, guda 30, da ake ba duk kuɗin da suka tsallaka daga wani banki zuwa wani ta hanyar NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya. Da ita bankunan biyu za su gano cinikin ba tare da dogon bincike ba. In kuma duka asusun biyu a kamfani ɗaya suke, lambar cinikin da ke jikin risit ɗin ta wadatar.

Daga nan sai ta kai ƙorafi inda kuɗin suka fita, wato bankinta, ba inda suka shiga ba. A nan mutane da yawa ke ɓata lokaci, su yi ta kiran kamfanin wanda ya karɓa, alhali su ba abokan hulɗarsa ba ne. Ta yi amfani da sashen ƙorafi na cikin manhaja, ko lambar da ke bayan katinta, ko ta je reshe da ƙafarta. Ta faɗi buƙatarta ƙarara: ta tura kuɗi bisa kuskure, tana so a sanar da ɗaya ɓangaren ya riƙe naira 35,000 ɗin. Kada ta tashi sai ta karɓi lambar ƙorafi, domin ita ce shaidar ranar da ta kai kuka.

Wannan buƙata ba alfarma ba ce. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar a 2018 kan tura kuɗi nan take tsakanin bankuna ta tsara yadda za a bi. Bankin mai turawa zai sanar da na mai karɓa, shi kuma ya riƙe adadin kuɗin, sannan ya nemi amincewar mai asusun a mayar. In ya ƙi, masu binciken kuɗi na bankunan biyu za su shiga tsakani cikin mako biyu, kuma riƙon ba ya wuce mako biyun nan. In kuwa ya riga ya kashe kuɗin kuma ya ƙi biya, ana iya sa BVN ɗinsa cikin jerin waɗanda ake sa wa ido, a kuma kai maganar ga jami'an tsaro.

To, ta kira mai lambar? E, amma bayan ta shigar da ƙorafin. Tunda lambar asusun lambar waya ce, sai ta ƙara sifiri a gaba ta kira. Da yawa mutanen kirki ne, za su mayar. Amma in ta fara da kiran kuma ta haɗu da mai son banza, ta farkar da shi ne kawai. Ta yi sallama, ta yi bayani a natse, ta tura masa hoton risit. Ban da zagi, ban da barazana, kuma ban da watsa sunansa da lambarsa a Facebook ko TikTok ana kiransa ɓarawo. Wannan na iya juyewa ya zama ita ake ƙara.

In mutumin ya yi taurin kai, a aikace sau da yawa banki zai ce sai an kawo umarnin kotu. Hakan na nufin takardar rantsuwa da ke bayyana kuskuren, risit, bayanan asusu, da lauyan da zai shigar da buƙatar. A nan sai an yi lissafi. Kan naira 5,000, kuɗin lauya da zirga-zirga za su iya cinye uwar kuɗin. Kan kuɗin makaranta ko na haya kuwa, ya cancanci a bi. Sannan umarnin kotu ba ya haifar da kuɗi a asusun da aka riga aka share, shi ya sa awannin farko suka fi komai tsada.

In bankinta ne ya yi shiru har mako biyu babu wani bayani, tana da damar kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na CBN ta cpd@cbn.gov.ng, ta haɗa da lambar ƙorafin nan da risit. Ta kuma kiyayi shafukan bogi da ke tururuwa da zarar mutum ya yi kuka a soshiyal midiya, suna cewa su ma'aikatan kamfani ne. Duk wanda ya nemi PIN ko OTP domin ya "dawo" da kuɗi, sauran da ke asusun yake hari.

Idan kuma kai ne aka kira aka ce an turo maka kuɗi bisa kuskure, kada ka yarda da saƙon tes kawai, domin akwai alat na bogi. Buɗe manhajarka ka ga ko kuɗin sun shiga da gaske. In sun shiga, kada ka tura su wani asusu daban da mai kiran ya karanto maka, don za ka iya zama hanyar wucewar kuɗin sata. Sanar da kamfaninka ya mayar da su inda suka fito.

Rigakafin bai wuce daƙiƙa biyar ba: karanta sunan da ya fito kafin ka danna PIN. In kuɗin masu yawa ne kuma lambar sabuwa ce gare ka, fara tura naira 100, ka jira mai ita ya ce ya gani.