Nas za ta tafi ƙaro karatu: me ya kamata takardar ajiye aikinta ta ƙunsa?

Duk shekara akwai ma'aikatan jinya da ke samun gurbin ƙaro karatu. Wata za ta tafi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano neman digiri, wani kuma zai je kwas na ƙwarewa, kamar jinyar ƙashi a Asibitin Dala ko jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Ana cikin murnar samun gurbi sai tambaya ta taso: yaya za a bar wurin aiki? Takardar ajiye aiki ba ta wuce shafi ɗaya, amma abin da ke bayanta ya shafi marasa lafiya da ke kwance, da abokan aikin da za su ɗauki nauyin da aka sauke.

Kafin a ɗauki alƙalami, sai nas ta tabbatar cewa ajiye aikin ne ya dace da ita. A aikin gwamnati akwai hutun ƙaro karatu, wani da albashi, wani babu, kuma wadda aka ba shi tana dawowa aikinta bayan ta gama. Wadda ta ajiye aiki kuwa ta yanke igiya, in tana son dawowa sai ta nemi aikin daga farko. Akwai kuma batun yarjejeniya: idan asibiti ko gwamnati ta taɓa ɗaukar nauyin karatunta bisa sharaɗin za ta yi wasu shekaru tana aiki, tafiya kafin cikar wa'adin kan jawo a nemi ta biya kuɗin. Kuɗin fansho dai ba ya salwanta ga wadda ke cikin tsarin adashen gata, domin asusun nata ne, yana bin ta duk inda ta koma aiki.

Sai tsawon notis. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tsara shi gwargwadon daɗewa a aiki: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako biyu daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata ɗaya daga shekara 5 zuwa sama. Sai dai ga ma'aikaciyar jinya, abin dubawa na farko shi ne takardar da aka ɗauke ta aiki da ita, domin a nan aka rubuta abin da ta sa wa hannu. Yawancin asibitoci wata ɗaya suke nema, ko albashin wata ɗaya a madadinsa.

Mu ɗauki misalin wata nas mai kula da ɗakin yara a wani asibiti mai zaman kansa. Za ta fara karatu a farkon Nuwamba, takardar aikinta kuma ta ce notis na wata ɗaya. Sai ta miƙa takardarta ranar 30 ga Satumba, ta rubuta ta zuwa ga shugaban asibiti ta hannun metiron. Ga abin da ta ƙunsa:

"Ina sanar da hukumar wannan asibiti cewa zan ajiye aikina na ma'aikaciyar jinya a ɗakin yara, domin na samu gurbin karatun digiri a fannin jinya. Bisa sharaɗin notis na wata ɗaya da ke cikin takardar aikina, ranar aikina ta ƙarshe ita ce 31 ga Oktoba. Ina godiya ga metiron da ta riƙe ni kamar 'yarta, da abokan aikina da muka raba dare da rana a kan marasa lafiya, musamman waɗanda suka koya mini kula da jariran da aka haifa bakwaini. A cikin wannan wata zan ci gaba da aikina yadda jadawali ya tsara, kuma zan miƙa wa wadda aka zaɓa ta gaje ni rajistar magunguna, da makullai, da kayan aikin ɗakin, tare da bayani a rubuce."

A ofis da Turanci ake rubuta irin wannan takarda, amma tsarin bai canzawa. Ranar ƙarshe ta fito ƙarara, saboda da ita metiron za ta tsara jadawalin wata mai zuwa. Nas ɗaya in ta fita daga ɗakin da dama hannu bai isa ba, wata ce za ta riƙa maimaita aikin dare. Godiyar ma ta ambaci abu takamaimai, shi ya sa ta yi nauyi. Ba a cusa ƙorafin albashi ko tsohuwar rigima a ciki, domin takardar fayil za ta shiga, kuma wannan ofishin ne za a koma wa neman takardar shaida gobe. Nas ta yi kwafi biyu, a buga wa nata hatimi da kwanan watan da aka karɓa. Idan babu wannan, wata rana ana iya cewa ba a ga takardar ba, a rubuta ta cikin waɗanda suka gudu daga aiki.

Alkawarin miƙa aiki shi ne ɓangaren da ya fi wuyar cikawa. Wuri mafi hatsari shi ne kabad ɗin magungunan da doka ta tsananta a kansu, irin su fetidin da mofin. Mai tafiya da mai karɓa su tsaya tare, su ƙirga kwalaben allura ɗaya bayan ɗaya, su gwada da abin da rajista ta nuna, sannan su sa hannu su biyun. A ce rajista ta nuna 20, kabad kuma 19 ne a ciki. Ba a sa hannu a wuce. Sai a koma katin maganin marasa lafiya a duba ko an yi wa wani allura aka manta ba a shigar ba, ko kwalba ta fashe ba a rubuta a gaban shaida ba. In ba a gano ba, a sanar da metiron da sashen magunguna tun mai tafiyar tana nan. Giɓin da aka gano bayan ta tafi, sunanta zai ɓata, ko kuma ya faɗa kan wadda ba ta ji ba ba ta gani ba.

Bayan magunguna sai kayan aiki. A rubuta waɗanda ke aiki da waɗanda suka lalace: na'urar ba da iskar numfashi da ke tsayawa in wuta ta yi ƙasa, ma'aunin jarirai da ke ƙara nauyi, tukunyar iska da ta kusa ƙarewa. Sannan marasa lafiyar da suka daɗe a kwance. Fayil zai faɗi sunan cuta da magani, amma ba lallai ya faɗi cewa jijiyar wannan yaron tana da wuyar samu sai a hannun hagu, ko cewa uwar wancan Fulatanci kawai take ji sai an nemo mai fassara. Irin wannan sani a kan nas yake, in ba ta rubuta ba, da shi za ta tafi. A miƙa shi ga ma'aikatan ɗakin kaɗai, domin sirrin mara lafiya amana ne ko bayan barin aiki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin duk wannan sai ranar ƙarshe, lokacin da ake ta sallama da yafe juna. Gara a raba watan: makon farko a rubuta bayanan, na biyu da na uku mai karɓa ta riƙa aiki tare da mai tafiya, na ƙarshe a yi ƙirga, a mayar da makullai da katin shaida, a zagaya ofisoshi a karɓi sa hannun da ke nuna ba a bin ta komai. Alamar miƙa aiki ya yi kyau ita ce mai karɓa ta iya riƙe ɗakin daren farko ba tare da ta ɗaga waya tana tambayar inda makullin kabad yake ba.