Tabon Jini, Tabon Mai da Tabon Goro: Wane Ruwa Ya Dace?

Mata da yawa a Karaga da ƙauyukan kewaye, in sun dawo gida bayan haihuwa, sukan jefa zanen da ya ɓaci da jini cikin tafasasshen ruwa, don a ganinsu zafi ne ke fid da datti. Zanen ya bushe, sai ga tabo ruwan ƙasa wanda ba ya fita har zanen ya tsufa. Ruwan zafin ne ya kafe shi.

Ku dubi ƙwai. Ɗanyen farinsa ruwa-ruwa ne, in ya zuba a hannu ruwan sanyi ya isa ya wanke shi. Amma da zarar zafi ya wuce digiri 60 kaɗan, tun ruwa bai kai ga tafasa ba, sai ya daskare, kuma ba mai iya mai da shi ɗanye. Abin da ke daskarewa ɗin shi ake kira furotin. Akwai shi a jini, da nonon uwa, da madara, da ruwan ciwo, da aman jariri. In jini ya shiga tsakanin zaren atamfa, aka zuba masa ruwan zafi, sai ya dahu a wurin, ya manne wa zaren. Dutsen guga ma haka yake yi.

Ga yadda za a yi da zanen mai jego. Mai wanki ta sa safar hannu ta roba, in babu ta ɗaura leda, domin jini na iya ɗauke da ciwon hanta ko ƙanjamau, musamman in akwai tsaga a fatar hannu. Ta juya zanen, ta zuba ruwan sanyi ta bayan tabon, don ruwan ya tura jinin waje. Sai ta jiƙa shi a bokitin ruwan sanyi kamar minti 30. In ruwan ya yi ja, ta zubar a masai, ta sake sabo. Jinin da ya kwana ya bushe yana bukatar jiƙo na sa'o'i, tare da ɗan omo. Bayan haka ta goga sabulu, ta cuɗa, ta ɗauraye, ta ɗaga zanen a haske. In da sauran alama, a maimaita. Sai tabon ya ɓace sarai ne za a sa ruwan zafi, a shanya a rana, a yi guga. Zafin yana da amfaninsa wajen kashe ƙwayoyin cuta, amma a ƙarshe yake zuwa.

Mai kuwa akasin haka ne. Duk mai haɗa man kaɗe ta san yadda yake sandarewa da hunturu, ya narke a tafin hannu. Ruwan sanyi yana ƙara sandarar da shi cikin zare. Don haka tabon man kaɗe, ko man gyaɗa, ko manja, a fara barbaɗa masa garin masara ya tsotse man, a kakkaɓe, a shafa sabulu tun wurin yana bushe, sannan a wanke da ruwa mai zafi gwargwadon yadda yadin zai jure. Jan manja da ya rage, rana takan kashe shi.

Goro shi ne mai rikitarwa. Tun zamanin da fatake ke tasowa daga Kano zuwa kasuwar Salaga don sayensa, yake ɓata gaban fararen riguna. A cikinsa, da cikin ganyen shayi, akwai abin da ake kira tanin, wato abin nan mai bauri da ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Wannan rini ne, ba ya dahuwa kamar jini, shi ya sa sabon tabon baƙin shayi yake fita da ruwan zafi da omo. Abin da ke kafe shi daban ne. Goron da aka ɓara yakan rine in ya sha iska, haka tabonsa ke ƙara duhu in ya kwana. Sabulun gargajiya da aka yi da toka ma yana ƙara masa duhu, saboda haka kada a fara da shi. Kada kuma a jiƙa rigar a bokitin ƙarfe mai tsatsa, don tanin in ya haɗu da ƙarfe baƙi yake zama. A ɗauraye da wuri, a matsa ruwan lemun tsami a wurin, a bar shi minti 10, sannan a wanke da omo. Farar riga tana jure ruwan bilic da aka sirka, amma zai ci launin atamfa, kuma kada a taɓa haɗa shi da lemun tsami, domin hayaƙinsu guba ne.

To, in shayi mai madara ne ya zuba, ko miya mai nama da manja? A nan tabo biyu ne a wuri ɗaya. A fara da ruwan sanyi saboda madarar ko romon naman, sannan a bi man ko shayin da ruwan zafi. Tabon da ba a san asalinsa ba ma, da ruwan sanyi za a fara.