Wata Uku Kacal: Ka Duba Kalanda Kafin Ka Rubuta Takardar Koke

Idan hukuma ta soke wa mutum lasisi, ko ta rufe masa wurin sana'a, abin da ya fara zuwa ransa shi ne ya nemi wanda ya iya rubutu ya tsara masa takardar koke mai ratsa zuciya. Daga nan sai zarya: yau a ce masa fayil yana teburin darakta, gobe a ce oga ya tafi Abuja, jibi a ce kwamiti bai zauna ba tukuna. Shi kuwa yana ganin ai tunda ya kai kuka, maganarsa tana nan da ranta. A wurin doka ba haka abin yake ba. Tun ranar da aka yanke hukuncin lokaci ya fara tafiya, kuma takardar koke ba ta tsayar da shi.

Tushen wannan a Najeriya wata tsohuwar doka ce, Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda aka gada tun 1916 a zamanin Turawa. Sashe na 2 ya ce duk wanda zai kai ƙarar jami'i kan abin da ya aikata, ko ya ƙi aikatawa, a bakin aikinsa, to ya shigar da ƙarar cikin wata uku. Jihohi da dama suna da irin tasu. Sunan dokar yana sa a ɗauka mutum ɗaya kawai take karewa, amma a 1998 Kotun Ƙoli, a shari'ar Ibrahim da Kwamitin Harkokin Shari'a na Jihar Kaduna, ta ce kariyar ta haɗa har da hukumomi. Idan wa'adin ya wuce, alƙali ba zai ma shiga batun wa ke da gaskiya ba. Zai duba ranar da abin ya faru, ya duba ranar da aka shigar da ƙara, ya sallami kowa. Ba shi da ikon ƙara ko kwana ɗaya don tausayi.

Batun sulhu shi ne ya fi cin mutane. A 1994, a shari'ar Eboigbe da kamfanin mai na ƙasa, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa tattaunawar neman sasanci ba ta hana wa'adi tafiya. Wato ko jami'in yana maka fara'a, yana cewa ka kwantar da hankalinka ana dubawa, kwanakinka suna ƙarewa.

A ce wani mai gidan ruwan leda a Kano ya samu takarda daga wata hukumar tarayya cewa an soke rajistarsa. A saman takardar an rubuta 3 ga Maris, amma sai 17 ga Maris ɗan aike ya miƙa masa ita. Daga wace rana zai fara ƙirga? Lauyansa zai iya yin jayayya cewa daga ranar da ta iso hannunsa ne, amma wannan gardama ce da ake iya ci ko a sha kaye. Mai hankali ya ɗauki ranar farko, 3 ga Maris, ya kuma ajiye ambulan ɗin, ya rubuta ranar da ya karɓa a duk inda aka ce ya sa hannu.

Sai ƙirgan kansa. Dokar Fassara ta tarayya ta ce wata yana nufin watan kalandar Miladiyya, don haka wanda ya saba lissafi da Rajab da Sha'aban sai ya koma ɗaya kalandar. Kuma wata uku ba daidai yake da kwana 90 ba ko da yaushe: daga 3 ga Maris zuwa 3 ga Yuni kwana 92 ne, amma daga 1 ga Fabrairu zuwa 1 ga Mayu kwana 89 ne a shekarar da Fabrairu ke da kwana 28. Mutuminmu zai sa 2 ga Yuni a matsayin iyakarsa ta ƙarshe. Dokar ta ce idan wa'adin kwanaki ya ƙare ranar hutu, a kai shi ranar da ke biye, sai dai hutu a wurinta Lahadi ce da ranakun da gwamnati ta ayyana. Asabar ba ta ciki, ko da ofisoshi suna kulle.

Ko wata ukun ma ba duka ne nasa ba. Dokokin da suka kafa hukumomi da yawa sun tanadi cewa kafin a kai su kotu sai an ba su sanarwa a rubuce, galibi ta wata ɗaya, mai ɗauke da sunan mai ƙara da adireshinsa, abin da yake kuka a kai, da abin da yake so kotu ta yi masa. Takardar roƙo da ta cika da "muna neman alfarma" ba lallai ta tsaya a matsayin wannan sanarwa ba. Idan hukumar da ta soke rajistar tana da irin wannan tanadi, dole sanarwar ta isa gare ta kafin ƙarshen Afrilu, domin watan ya cika tun wa'adin kotu bai ƙare ba. Wanda ya tsallake sanarwa aka kori ƙararsa yana iya gyarawa ya dawo, amma sau da yawa kafin nan ƙofa ta riga ta rufe.

Saboda haka takardar koke wurinta makon farko ne ko na biyu. A ambaci lambar takardar hukuma da ranarta, a faɗi abin da ake so a warware, a ba su kwana 14 su amsa. A kai kwafi biyu, a tsaya har magatakarda ya buga hatimin karɓa mai kwanan wata a kan ɗayan. Kwafin nan mai hatimi ya fi alkawarin baki na kowane darakta daraja. Idan kwana 14 suka cika shiru, a wuce wurin lauya, zaryar ofis kuma a ci gaba da ita a gefe in ana so.

Akwai inda kotuna suka ce dokar ba ta aiki, kamar neman ƙwato fili, karya yarjejeniyar kwangila, kuɗin aikin da aka riga aka yi, ko inda jami'i ya fita daga hurumin aikinsa. Haka idan cutarwar tana ci gaba, wa'adi yana farawa ne daga ranar da ta tsaya, sai dai jin raɗaɗin hukuncin da aka yanke sau ɗaya ba shi ne ci gaban cutarwa ba. Kan korar ma'aikata kuwa, Kotun Ƙoli ta ce a 2019 dokar ba ta shafi yarjejeniyar aiki ba, sannan a 2021, a wata shari'a da ta shafi Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi, ta yi aiki da ita. A ganina ma'aikacin da aka sallama ya ɗauka wata uku gare shi, ya bar wa lauyoyi muhawarar.

Ba kowane wa'adi ne wata uku ba. Wanda hukumar haraji ta aiko wa ƙiyasi kwana 30 gare shi ya rubuta rashin amincewa, in ba haka ba ƙiyasin ya zauna. Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana karɓar kuka cikin wata 12 kuma kyauta, amma zuwa wurinta bai dakatar da wa'adin kotu ba. Wani lokaci hukumar da ta yanke hukunci takan rubuta kwanakin ɗaukaka kuka a ƙasan takardar ko a bayanta, da ƙananan haruffa, don haka a juya takardar a karanta har layin ƙarshe tun ranar da aka karɓe ta.