Mai ƙorafi ɗaya ne, masu kallo dubu

A watan Satumba na 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na Nagiko, wanda kamfanin Erisco Foods ke yi, ya yi mata zaƙi da yawa. Kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta suka wuce da ita Abuja. Kafin ka ce kwabo, mutanen da ba su taɓa jin sunan tumatirin ba sun fara kiran a ƙaurace masa. Ko wa ke da gaskiya, abin da masu saye suka riƙe shi ne yadda aka yi da mai ƙorafi.

A nan 'yan kasuwa da yawa ke tuntuɓe. Suna zaton da wanda ya kushe kayan suke magana, alhali shi ya riga ya saya, ya fusata, ya tafi. Mai karanta amsar shi ne wanda zai zo bayan wata uku da kuɗinsa a hannu, yana son sanin abin da zai same shi idan nasa kayan ya ba da matsala.

A ɗauki misalin mai shagon kayan waya a Farm Centre da ke Kano, wanda ke sayar da fawa bank mai 20,000 mAh. Wani ya ba shi tauraro ɗaya ya rubuta: "Jabu ne. Wayata 5,000 ce, ya kamata ya cika ta sau huɗu, amma sau biyu da ɗan wani abu yake yi."

Lissafin mai ƙorafin da ma'ana a ido, sai dai ba haka na'urar ke aiki ba. Lambar da ke jikin kwali ƙarfin batirin ciki ce a kan volt 3.7. Kafin wutar ta shiga waya sai an ɗaga ta zuwa volt 5 ko fiye, sannan wayar ta sake sauke ta, kuma kowane mataki yana cin wani kaso ya mai da shi zafi. Abin da ke isa wayar bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba. Wato caji biyu da rabi zuwa uku shi ne daidai, ko da kayan na asali ne.

Mai shagon na iya cewa "ba ka san kan kaya ba", ya yi gaskiya, ya kuma rasa ciniki. Ko ya liƙa amsar nan ta "muna ba da haƙuri, a tuntuɓe mu" da ake gani ƙarƙashin kowane ƙorafi, wadda ba ta gaya wa kowa komai. Wadda ke aiki ta fi kama da haka: "Malam, mun gode. Sau biyu da rabi zuwa uku wannan ke cika waya mai 5,000, don kusan sulusin wutar na tafiya wajen juya ta. Ba mu faɗi haka a tallarmu ba, yanzu mun ƙara. In naka bai kai sau biyu ba, to yana da matsala. Kawo shi da rasit mu canza maka."

Amsar ta ba mai saye na gaba ma'aunin da zai gane lafiyayye da marar lafiya. Ta ɗauki laifin da yake nata, na tallar da ta bar mutum ya zaci huɗu, ba ta ɗauki na jabu ba tunda ba jabu ba ne. Ba ta kuma tona lambar wayar mutumin ko cinikin da aka yi da shi a ɓoye ba. Sharaɗi ɗaya ne: in ya kawo, a canza ɗin, kuma kada a ce sai ya goge ƙorafinsa tukuna.

Bincike ya goyi bayan wannan. Davide Proserpio da Georgios Zervas sun nazarci otal-otal na jihar Texas a TripAdvisor, suka wallafa a 2017 cewa waɗanda suka fara amsa ƙorafi sun samu ƙarin sharhi da kashi 12 cikin 100, makinsu kuma ya ɗan hau da 0.12 na tauraro. Abin lura, gajerun suka marasa hujja sun ragu, waɗanda suka rage kuma sun ƙara tsawo, don mutum ya san za a karanta a amsa masa.

Ba ko'ina ake da wannan dama ba. Amazon ya rufe hanyar amsa sharhi a fili tun ƙarshen 2020, don haka can sai dai a gyara bayanin kaya. Kuma in mutum biyar sun ce fawa bank ɗin na kumbura, magana ta wuce ta iya amsa: sai a sauke shi daga kanta, a kira waɗanda suka saya, a koma wa dila da ragowar katan ɗin.