Manhajar taka ce, ko aro kake?

A shekarar 2005 kamfanin eBay na Amurka ya biya kimanin dala biliyan 2.6 ya sayi Skype, manhajar nan da ta fara koya wa duniya kiran waya ta intanet kyauta. Ya sayi suna, ya sayi ma'aikata, ya sayi miliyoyin masu amfani da ita. Abu ɗaya ne bai shiga cinikin ba, shi ne injin da ke tuƙa manhajar. Fasahar da ke haɗa wayar mai kira da ta wanda ake kira, wadda ake ce wa Global Index, mallakar wani kamfani ce daban mai suna Joltid. Masu Joltid kuwa su ne mutanen nan biyu da suka kafa Skype, Niklas Zennström da Janus Friis. Lasisi kawai suka ba Skype, wato izinin amfani bisa sharaɗi.

Shekara huɗu ana zaman lafiya. A 2009 Joltid ya ce Skype ya karya sharaɗi, ya taɓa asalin rubutun fasahar ta hanyar da ba a yarje masa ba, saboda haka ya janye lasisin. Magana ta kai kotu a Ingila, daga baya har Amurka. Wannan kuwa ya faɗo daidai lokacin da eBay ke neman sayar da mafi yawan hannun jarin Skype ga wasu masu zuba jari, har sai da ya sanar da masu hannun jarinsa a rubuce cewa idan shari'ar ta juya masa baya, Skype ba zai iya ci gaba da aiki yadda yake yi ba. A watan Nuwamba na shekarar aka sasanta. Mutanen biyu suka miƙa fasahar ga Skype, suka ƙara da wasu kuɗi, aka ba su kashi 14 cikin ɗari na kamfanin. Da Microsoft ya sayi Skype a 2011 kan dala biliyan 8.5, kasonsu na ciki.

Lauyoyin eBay ba yara ba ne, sun san da lasisin tun farko. Sun dai ɗauka kayan aro zai rufe katara. Wannan ne dalilin da ya sa, a kundin tsarin kasuwanci na duk kamfanin da jarinsa manhaja ce ko suna, mai zuba jari na ƙwarai yakan tsallake shafin hasashen riba ya tafi kai tsaye sashen haƙƙin mallaka da lasisi. Tambayarsa ɗaya ce: a cikin abin da kake sayarwa, wanne ne naka, wanne ne na aro, kuma ina takardar?

Mu sauko gida. A ce wasu matasa biyu a Kano sun fito da manhajar waya da 'yan kasuwar Kantin Kwari za su riƙa rubuta bashi da lissafin kaya a ciki. Ɗayansu ne ya kawo tunanin, ɗayan ya kawo kuɗi. Ba wanda ya iya rubuta manhaja a cikinsu, sai suka samo wani gwani a Kaduna, suka yi ciniki ta waya, suka tura masa kuɗinsa kashi uku, ya gama ya ba su. Sun yi wa kamfaninsu rajista a hukumar CAC. A ganinsu komai ya kammala.

A idon doka kuwa da sauran aiki. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, tana lissafa manhajar kwamfuta cikin rubutattun ayyuka, sahu ɗaya da littafi. Ƙa'idarta ita ce haƙƙi yana farawa ne a hannun wanda ya rubuta, sai fa in akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Kuma miƙa haƙƙin ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. To matasan nan me suke da shi? Shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonnin waya. Waɗannan za su nuna an biya ladan aiki, za su iya nuna an ba su izinin amfani da abin da aka yi musu. Amma ba su nuna cewa gwanin Kaduna ya sallama haƙƙinsa ba. Gobe yana iya sauya launi da suna ya sayar wa wasu a kasuwar Singa, kuma hana shi zai yi wuya. Tunanin da na farkonsu ya kawo ma ba zai cece su ba, domin dokar rubutun take karewa, ba ta kare tunani tsagwaronsa.

Maganin wannan takarda ce da ba ta wuce shafi ɗaya ko biyu ba, inda marubucin zai ce ya miƙa wa kamfanin dukkan haƙƙinsa a kan manhajar, ya sa hannu. A lura, kamfanin za a miƙa wa, ba Malam wane mai kamfanin ba. Nan ne ake yawan tuntuɓe, domin ko da ɗaya daga cikin masu kamfanin ne ya rubuta manhajar da hannunsa tun kafin a yi rajista, haƙƙin nasa ne shi kaɗai har sai ya miƙa. Ranar da aka ɓata, zai fita da injin a aljihu, kamar yadda masu Joltid suka yi. Mutanenmu na jin nauyin cewa aboki ko ɗan'uwa ya sa hannu a takarda, sai a ce ai akwai amana. Ni a ganina lokacin da amanar ke da ƙarfi shi ne lokacin da sa hannun ya fi araha. Bayan mai zuba jari ya bayyana, kowa ya san farashin alƙalaminsa.

Ko an samu wannan takarda, gwanin ba zai iya miƙa abin da ba nasa ba. Babu mai rubuta manhaja daga tushe a yau. Ana ɗauko gutsattsarin da wasu suka rubuta suka saki kyauta, a harhaɗa, a ɗora nasa a kai. Kowane gutsure yana zuwa da lasisinsa, galibi a cikin wani fayil mai suna `LICENSE`, kuma kyauta ba ta nufin babu sharaɗi. Lasisin MIT mai sauƙin kai ne: yi abin da ka ga dama, har sayarwa, muddin ka bar sunan masu shi da rubutun lasisin a ciki. Lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, shi kuma yana da ƙugiya. Idan ka gina manhajarka da gutsuren GPL a cikinta, sannan ka raba ta ga jama'a, wajibi ne ka ba su asalin rubutunta bisa wannan lasisin, su ma su iya gyarawa su raba. Ɗora manhaja a shagon waya don mutane su sauke rabawa ce. Kamfanin Linksys ya ɗanɗana wannan a 2003, lokacin da aka gano na'urarsa ta raba intanet mai lamba WRT54G tana aiki da Linux, wanda ke ƙarƙashin GPL. Dole ya saki rubutun, kuma daga nan aka samo manhajar OpenWrt da kowa ke iya ɗauka. GPL ba ta hana neman kuɗi. Amma wanda ya rubuta a kundinsa cewa sirrin manhajarsa ne katangar da za ta tsare masa kasuwa, alhali akwai GPL a cikinta, ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Abin da ake nema a sashen shi ne jerin kowane gutsure da lasisinsa, kuma akwai ƙananan manhajoji da ke fitar da jerin cikin mintuna.

Sai suna. Takardar CAC tana hana wani ya yi rajistar kamfani da sunanka ne kawai, ba ita ce rajistar alamar kasuwanci ba. Wannan ofishinta daban ne, yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari. Ana fara bincike a ga ko wani ya riga ka, a shigar da buƙata, a karɓi takardar shaidar karɓa, sannan ta amincewa, a buga alamar a mujallar ofishin, a jira wata biyu ko wani zai yi ƙorafi, kafin a ba da satifiket. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14. Kaya da ayyuka an kasa su rukuni 45, kuma rukunin da ka biya shi kaɗai ka tsare. Manhajar da ake saukewa a waya tana rukuni na 9, aikin manhaja ta intanet yana na 42, in kuma matasanmu suka fara harkar tura kuɗi sun shiga na 36. A kundi dole a faɗi matakin da ake kai da gaskiya. Mutane da yawa na riƙe da takardar shaidar karɓa suna cewa sun yi rajista, alhali layi kawai suka shiga.

Rajistar kuma ba ta tsallake iyaka. Ɗan kasuwar Kwari yana da abokan ciniki a Maraɗi da Damagaram, manhajar za ta bi su can ko ba a shirya ba. Nijar, da Chadi, da Kamaru suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17 na tsawon shekara 10. Najeriya ba ta ciki. Wanda ya ga sunan yana tashe a Kano zai iya riga masu shi zuwa Yawunde.

Ɓangaren da ya rage shi ne lasisin da kamfanin ke bayarwa, domin mai shagon da ya biya kuɗin wata bai sayi manhajar ba, izinin amfani ya saya. Sashen zai faɗi iyakar izinin: waya nawa, shago nawa, da kuma wa ke da bayanan bashin da aka rubuta a ciki idan mai shago ya daina biya. Wurin da ya fi haɗari shi ne ranar da wani babban dila ko banki ya ce a ba shi lasisi shi kaɗai. Kuɗin yakan yi daɗi, amma lasisin keɓe da ba a sa masa iyakar yanki, da wa'adi, da mafi ƙarancin abin da za a riƙa biya ba, kusan sayar da kamfanin ne a farashin haya.

Idan matasan nan suka yi aikinsu, sashen nasu ba zai wuce rabin shafi ba. Zai ce marubucin manhajar ya miƙa haƙƙinsa ga kamfani a rana kaza, kwafin takardar na haɗe. Masu kamfanin biyu su ma sun miƙa nasu. Gutsattsarin aro guda kaza ne, duk MIT ne in ban da ɗaya mai GPL da za a musanya kafin wata kaza, kuma kuɗin musanyar na cikin kasafi. An shigar da suna a rukuni na 9 da na 42, an samu takardar amincewa, ana jiran bugawa. Ba a shigar a OAPI ba tukuna, an ware masa kuɗi a shekara ta biyu. Mai zuba jari zai miƙa wa lauyansa wannan rabin shafin, lauyan kuma zai nemi ganin takardun ɗaya bayan ɗaya, zai fara da ta gwanin Kaduna.