Randar Inna da akuyar da aka ɗora wa laifi: yadda ake tsara katun na yara a kan takarda

Katun na minti uku sakan 180 ne. A fim, hoto 24 ne ke wucewa a kowane sakan, kuma ko da mai zane ya bi hanyar sauƙi ta barin zane ɗaya ya tsaya wa hoto biyu, sai ya yi zane 2,160. Wanda zai yi wannan wahala ba ya so sai ya kai rabi ya gane labarinsa ya karkace. Shi ya sa ake fara zana labarin a ƙananan akwatuna a jere, kowanne da hoton abin da za a gani, a ƙarƙashinsa kuma a rubuta maganar da za a ji, da sauti, da tsawon lokaci. Wannan shi ne allon labari. A kamfanin Walt Disney aka daidaita wannan dabara a farkon shekarun 1930, ana manna zane a bango ana sauya musu wuri, kuma ana yawan ambaton Three Little Pigs na 1933 a matsayin gajeren katun na farko da aka tsara haka daga farko har ƙarshe.

Idan darasin gaskiya ake son koyarwa, tambayar farko ita ce wane fage zai ci lokaci mafi yawa. A 2014, Kang Lee na Jami'ar Toronto da abokan aikinsa sun buga wani bincike kan yara masu shekara 3 zuwa 7. An bar kowane yaro shi kaɗai da abin wasa a bayansa, aka ce kada ya waiga, sannan aka karanta masa labari aka tambaye shi ko ya leƙa. Labarin Pinocchio da na yaron da ke ihun ƙarya cewa kyarkeci ya zo, waɗanda duka kan azabar maƙaryaci suke, ba su ƙara yawan masu amsa laifi ba. Wanda ya yi tasiri shi ne na George Washington da ya sare bishiyar mahaifinsa, ya faɗi gaskiya, uban ya yaba masa. Da aka sauya ƙarshen labarin ya koma hukunci, sai tasirin ya ɓace. Karatu aka yi wa yaran a ɗaki, ba katun suka kalla ba, amma mai tsara allo zai ɗauki darasi: lokacin da yaro ya amsa laifi, da yadda babba ya karɓi maganar, nan ne zuciyar fim.

Mu gwada da labari na tsakar gida. Bala ɗan shekara shida ya fasa randar Inna da ƙwallo, ya ce akuya ce.

Fage na farko sakan 15, akwati huɗu sun isa. Hoto daga nesa ya nuna tsakar gida duka: randa a gindin bishiya, akuya tana tuƙa, Bala da ƙwallonsa, Inna da mayafi za ta fita tana cewa, "Bala, ban da ƙwallo a cikin gida." Duk abin da labari zai yi amfani da shi dole a gan shi tun nan. Akuyar da ba ta fito a akwatin farko ba, idan ta ɓullo lokacin da ake neman wanda za a ɗora wa laifi, yaro mai kallo zai ruɗe.

Fage na biyu sakan 20, kuma sauri ake so: ƙafa, ƙwallo da kibiya mai nuna inda ya nufa, randa ta tsage, ruwa yana malala har ya taɓa yatsun Bala. Sai kyamara ta matso fuskarsa ta tsaya sakan biyu.

A fage na uku, sakan 30, ƙarya take fitowa, kuma ido ne zai fara yin ta kafin baki. Akwati ɗaya Bala yana kallon ɓaraguzan randa, na gaba ƙwayar idonsa ta karkata gefe, na gaba akuya ce tana kallonsa ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Sai ya tura ƙwallon bayan turmi da ƙafa. Kafin Inna ta shigo ta ce "Wa ya yi wannan aika-aika?", ɗan kallo ya riga ya san abin da Bala zai ce. Fage na huɗu, sakan 35, an ɗaure akuya a turke cikin rana, Bala yana zaune da tuwo a gabansa ya kasa kai loma. Ba a bukatar magana ko ɗaya. Kukan akuya da kwanon da ba a taɓa ba sun wadatar.

Fage na biyar shi ne mafi tsawo, sakan 55, kuma ni akwati goma sha biyu zan ba shi ko fiye. Bala yana hagu, Inna tana dama tana tankaɗe, kuma haka za su zauna har ƙarshen fagen, don idan suka sauya gefe daga wani akwati zuwa wani, sai a ga kamar sun juya wa juna baya. A fara daga nesa, Bala ƙarami a bakin ƙofa, fili mai faɗi tsakaninsa da Inna. Ya yi taku biyu, ya tsaya, ya waiga turke, ya ci gaba. Wannan tsayawar akwatinta daban, domin ita ce ke gaya wa yaro cewa faɗin gaskiya da wuya, kuma tsoron da yake ji ba shi kaɗai ke jin sa ba. Hoto na kusa: hannun Bala yana fito da ƙwallon. "Inna, ba akuya ba ce. Ni ne." A ƙarƙashin akwati na gaba a rubuta: shiru, sakan uku, babu kiɗa. Sannan Inna ta ajiye rariya ta durƙusa har idonta ya zo daidai da nasa, kyamara ma ta sauko tare da ita. "Randar ta ba ni haushi, Bala. Amma na ji daɗi da ka gaya mini gaskiya. Je ka kwance ta." Kada a zana Inna tana murmushi tun farko. Yaranmu sun san iyayensu mata, ba za su yarda ba.

Sauran sakan 25 na gyara ne. Bala ya kwance akuya ya ba ta dusa, ya kwashe ɓaraguzai, washegari ya raka Inna wurin mai tukwane. Laifi yana da sakamako, amma ba gaskiyar aka hukunta ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ƙarya ta fi komai daɗin kallo. Mai zane yana jin daɗin zana akuya mai ban dariya, sai ya ba ta akwati ashirin, amsa laifi kuma ya samu uku, sannan a rufe da wani dattijo yana wa'azi. Gane wannan ba wuya. A ɗauki hoton akwatunan da waya, a jera su a manhajar haɗa bidiyo, kowanne da tsawon sakan ɗin da aka rubuta masa, a kashe sauti, a nuna wa yara 'yan shekara biyar ko shida. In an gama a ce su ba da labarin. Idan suka ce "ya fasa randa, ya ce akuya ce" suka tsaya, fage na biyar ya yi gajarta ko kyamara ta yi nisa da fuskoki. Idan suka tambayi me ya sa aka ɗaure akuya, kallon gefen nan na fage na uku bai fito ba. A nan gyara na fensir da abin gogewa ne, aikin yamma ɗaya. Mai shirin yi wa yara katun, kada ka fara motsa zane ko ɗaya sai yaran sun iya ba ka labarin har zuwa inda Inna ta durƙusa.